Ƙurajen Saiwar Waken Suya: Yadda Za Ka Gane Suna Yi Maka Aiki, Da Abin Da Suke Bar Wa Gonarka



Kusan kowane manomi ya taɓa jin ana cewa wake da gyaɗa da waken suya suna gyara ƙasa. Maganar gaskiya ce, amma ba kowace gonar waken suya ce take yin wannan gyaran ba. Akwai gonar da za ka gan ta kore shar daga sama, alhali a ƙarƙashi cin ƙasar take yi kamar yadda masara take ci. Bambancin yana cikin saiwa, kuma da fartanya da bokitin ruwa da reza za ka iya gano shi da kanka. A wannan rubutu zan tsaya a kan waken suya, domin shi ne ya fi ba manoma matsala ta wannan ɓangare. Za mu ga abin da ke faruwa a saiwar, yadda ake duba ta, yadda ake gauraya iri da garin ƙwayoyin, sannan mu yi lissafin abin da ya rage wa masarar baɗi.

Me ke faruwa a cikin saiwa?

Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, shuka ta yi jiki, shi ake kira naitirojin. Shi kake saya idan ka sayi yuriya. A buhun yuriya mai kilo 50, kilo 23 ne naitirojin ɗin. A buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi ne. Abin mamaki shi ne iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Wato gonarka a nutse take cikin taki, sai dai masara ko dawa ko gero ba su da hanyar ɗaukarsa daga iska. A yadda yake a iska a kulle yake, sai an kwance shi kafin shuka ta iya ci.

Masu kwance shi wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, ana kiran su raizobiya. Idan waken suya ya tsiro, saiwarsa tana fitar da wani sinadari da ke kiran waɗannan ƙwayoyi. Idan irin waɗanda suka dace da shi suna kusa, sai su amsa, su manne a siraran gashin saiwar, gashin ya lanƙwashe, su bi ta ciki su shiga. Daga nan sai saiwar ta gina musu ɗaki. Wannan ɗakin shi ne ɗan ƙurjin da kake gani a manne da saiwa idan ka tuge waken suya ko gyaɗa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa cuta ce, alhali nan ne ake haɗa takin.

Zaman nasu na cuɗe ni in cuɗe ka ne. Shukar tana ba ƙwayoyin abincin da ganyenta ya haɗa daga hasken rana, su kuma suna kama naitirojin na iskar da ke ratsa ƙasa, su mai da shi yadda shukar za ta iya sha. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne zai bayyana maka abubuwa da dama a gaba: ciyar da ƙwayoyin nan tsada ne a wurin shukar. Duk ranar da ta samu naitirojin a araha a cikin ƙasa, rage musu abinci take yi, aikin ya ja baya.

Abu na biyu da za ka riƙe shi ne launi. Aikin kama naitirojin ba ya jure iska mai yawa, amma kuma ƙwayoyin suna buƙatar numfashi. Sai shukar ta samar da wani jan sinadari a cikin ƙurjin, ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ya yi ja, yana kai musu iskar numfashi kaɗan-kaɗan daidai buƙata. Shi ya sa ƙurjin da ke aiki idan ka tsaga shi za ka ga cikinsa ja ko ruwan hoda, kamar ɗanyen nama.

Me ya sa waken suya ya bambanta da wake da gyaɗa?

Wake ɗan gida ne, asalinsa Afirka, kuma gyaɗa ta daɗe ƙwarai a ƙasashenmu. Ƙwayoyin da suka dace da su sun yawaita a yawancin gonakinmu, shi ya sa da wuya ka tuge gyaɗa ka tarar da saiwa ba ƙurji. Waken suya kuwa baƙo ne, asalinsa ƙasar Sin, kuma yana da zaɓe wajen ƙwayoyin da yake karɓa. Domin magance wannan, cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da ire-iren da sunansu ya fara da TGx, irin su TGx 1448-2E da TGx 1835-10E da TGx 1904-6F, waɗanda suke iya yin ƙurji da ƙwayoyin da muke da su a ƙasarmu.

Sai dai iyawa daban, wadatuwa daban. A gonar da ba a taɓa shuka waken suya ba, ko wadda ta daɗe tana cin masara a kan masara, ƙwayoyin da suka dace na iya yin kaɗan, ko kuma waɗanda ke nan su zama raggwaye, su shiga saiwa su ci abinci ba su yi wani aikin kirki ba. Ba za ka san halin da taka gonar take ciki ba sai ka tona.

Yadda ake duba ƙurajen

Ƙurajen suna fara bayyana kamar mako biyu zuwa uku bayan tsirowa, amma a lokacin ƙanana ne kuma yawancinsu farare. Lokacin da ya fi dacewa da dubawa shi ne sa'ad da waken ya fara fure, wato wajen mako shida zuwa bakwai bayan shuka a yawancin ire-iren da muke nomawa. Ka zaɓi safiyar da ƙasa take da laima.

Kada ka tuge da hannu. Idan ka fizge, ƙurajen suna tsinkewa su zauna a ƙasa, ka zo kana cewa babu. Ka sa fartanya ko shebur ka haƙa kewaye da gindin, tazarar kamar taƙi ɗaya ta kowane ɓangare, zurfin ma haka, ka ɗago shi da ƙasarsa. Ka tsoma cikin bokitin ruwa, ka girgiza a hankali har ƙasar ta zube. Ka yi haka ga gindi goma daga sassa daban-daban na gonar, kana tafiya a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ka bar na bakin gona da na gindin bishiya da na kan tsohon juji, domin ba su ne ainihin hoton gonar ba.

Sai ka duba abu uku. Na farko yawa. Ma'aunin da nake amfani da shi a gona shi ne, idan yawancin gindin suna da ƙurji goma zuwa sama, masu ɗan girma kamar ƙwayar dawa ko fiye, to alhamdulillahi. Idan ba su kai biyar ba, ko babu sam, akwai gyara. Na biyu wuri. Ƙurajen da suka taru a saman uwar saiwa, dab da inda aka binne iri, alama ce sun kama da wuri, kuma haka ake gani idan garin da aka gauraya da iri ya yi aiki. Waɗanda suka warwatsu can a ƙananan saiwoyi yawanci na ƙwayoyin cikin ƙasa ne da suka kama daga baya.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne launin ciki. Ka ɗauki manya guda biyar daga kowane gindi ka tsaga da reza. Ja ko ruwan hoda, yana aiki. Fari, ko dai bai nuna ba tukuna, ko kuma ƙwayar da ke ciki ragguwa ce. Idan lokacin fure ya yi amma manyan ƙuraje farare ne, to na biyun ne. Kore ko ruwan ƙasa mai laushi, ya gama aikinsa ko ya mutu. Ganin kore lokacin da kwanso ya cika ba abin damuwa ba ne, tsufa ne. Ganin sa lokacin fure kuwa yana nuna wani abu ya dake su, kamar fari ko kwanciyar ruwa.

Akwai wani abu mai kama da ƙurji da ke ruɗar mutane, wato kumburin tsutsar saiwa, irin wanda masu tumatir da kuɓewa suka sani. Bambance su ba wuya. Ƙurjin kirki a gefen saiwa yake manne, idan ka murza da babban yatsa sai ya ɓalle ya bar saiwar lafiya. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa sai dai ka karya ta, kuma cikinsa ba ja ba ne. Idan irin wannan ka gani da yawa, cuta ce, kuma gonar tana buƙatar a juya ta zuwa masara ko dawa.

Abubuwan da ke hana ƙuraje aiki

Na farko yuriya. Bara wani ɗan ƙungiyarmu ya kira ni in ga waken suyarsa. Ya yi tsawo, ganye kore shar har yana kwanciya, shi kuma yana ta murna. Da muka haƙa gindi goma, da ƙyar muka haɗa ƙuraje ashirin, su ma ƙanana. Na ce masa, “Alhaji, me aka zuba wa gonar nan?” Ya ce, “Malam, ragowar yuriyar masara ce buhu biyu, na ga kada ta lalace.” To ka ga abin da ya faru. Shukar ta samu na banza, ta ƙi gina ɗakunan. Ya biya kuɗi ya sayi abin da zai samu kyauta, sannan ya rufe masana'antar da ke gonarsa. Waken suya ba ya buƙatar yuriya irin ta masara. Idan ƙasar ta gaji ƙwarai, kamfa buhu ɗaya ko biyu a hekta lokacin shuka ya isa ya riƙe shi kafin ƙurajen su fara aiki. Ɗan ɗashewar ganye da ake gani a mako na biyu zuwa na uku ma sau da yawa tana wucewa da kanta da zarar sun kama.

Na biyu ƙarancin fosfaras, wato sinadarin da ke cikin takin supa. Wannan ita ce babbar matsalar gonakinmu na tudu. Aikin kama naitirojin yana cin ƙarfi sosai, kuma da fosfaras shuka take sarrafa ƙarfin. Idan babu shi, ko ka gauraya iri da gari mafi kyau, ƙurajen za su fito 'yan ƙanana, waken ya tsugune. Saboda haka takin waken suya shi ne supa, buhu uku zuwa huɗu a hekta, a sa shi lokacin gyaran gona ko ranar shuka. Fosfaras ba ya yawo a cikin ƙasa, don haka watsa shi a sama bayan waken ya girma asara ce. A binne shi a layi kusa da iri, tazarar kamar yatsu uku, kada ya taɓa irin, domin taki idan ya haɗu da iri kai tsaye yana ƙona tsiron, ya kashe ƙwayoyin.

Na uku ruwa. Iskar da ƙwayoyin ke aiki da ita ta ƙofofin ƙasa take shiga. Idan ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki, ƙofofin sun toshe, ƙurajen su ruɓe, ganye ya yi rawaya. A wurin da ruwa ke taruwa, a yi kunya, a buɗe masa hanyar fita. Fari ma haka, ƙurajen na daga cikin abubuwan da ke fara tsayawa idan ƙasa ta bushe, tun kafin ka ga ganye ya yi yaushi.

Na huɗu tsamin ƙasa. Gonar da ta shekara da shekaru tana shan yuriya ba takin gargajiya tana iya yin tsami, kuma ƙwayoyin ba sa jin daɗin ƙasa mai tsami. Idan ka sa supa, ka gauraya iri yadda ya kamata, ruwa bai kwanta ba, amma duk da haka ƙuraje sun ƙi, to a kai ƙasar gwaji. Takin dabbobi da ya ruɓe da toka suna taimakawa, idan kuma tsamin ya yi yawa sai an sa farar ƙasar gona bisa abin da gwajin ya nuna.

Gauraya iri da garin ƙwayoyin

Idan gonarka sabuwa ce ga waken suya, ko ka duba bara ka ga ƙuraje kaɗan ko farare, maganin shi ne ka kawo ƙwayoyin kirki ka manna su a jikin iri. Ana sayar da su a cikin leda, baƙin gari ne mai ɗan laima. Wanda aka fi sani a Najeriya shi ne NoduMax, da ake haɗawa a IITA. Kowanne ka saya, ka duba an rubuta na waken suya ne, domin na wata shuka ba lallai ya yi masa aiki ba, ka kuma duba ranar ƙarewar aikinsa.

Ka sani wannan gari ba taki ba ne, ba kuma maganin ƙwari ba ne. Abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. Ledar da ta wuni a rana a kan teburin kasuwa, ko ta kwana biyu a akwatin babur, ƙila gawa ka saya. A gida ka ajiye shi a wuri mai sanyi da duhu. Idan akwai firji, a sa a ƙasa, ba wurin ƙanƙara ba. Idan babu, gindin randa ya wadatar na ɗan lokaci. Kada a buɗe ledar sai ranar shuka.

Ma'aunin da aka saba shi ne giram 10 na gari ga kilo ɗaya na iri, wato leda mai giram 100 ga kilo 10. Hekta ɗaya tana cin iri wajen kilo 50 zuwa 60, ke nan leda biyar zuwa shida. Mai eka ɗaya kuwa, iri kilo 20 zuwa 25, leda biyu zuwa uku. Idan abin da aka rubuta a jikin ledarka ya saɓa da wannan, bi na ledar.

Ga yadda ake yi ga kilo 10. Ka zauna a inuwa da roba mai faɗi mai tsabta, wadda ba a taɓa haɗa maganin feshi a ciki ba. Ka narka ƙaro a ruwa mai ɗumi kamar mililita 200, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba, ka bari ya huce. Wasu ledojin suna zuwa da ƙaronsu a ciki. Idan babu, sukari kamar cokali biyu a wannan ruwan zai yi. Ka zuba irin a roba, ka yayyafa ruwan, ka juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Laima ake so, ba jiƙo ba. Idan ruwa ya taru a gindin roba ya yi yawa, fatar waken za ta yi yamutsa ta saɓule, tsirowa ta lalace. Daga nan ka zazzage garin a kai, ka ci gaba da juyawa har irin ya yi baƙi-baƙi gaba ɗaya. Ka baza a kan buhu a inuwa na kamar minti ashirin zuwa talatin ya sha iska.

Irin da aka gauraya a ranar ake shuka shi, cikin 'yan sa'o'i, a ƙasa mai laima. Kada ka haɗa na kwana biyu. Idan gonar da girma, ka riƙa haɗa kilo goma-goma, ka rufe robar da ɗanyen ganye ko ƙyalle yayin da ake shuka, a kuma rufe rami nan take. Shuka a busasshiyar ƙasa mai zafi da fatan ruwa zai zo jibi yana kashe yawancin ƙwayoyin. Game da maganin gauraya iri na ƙwari da ruɓa kuwa, wasunsu suna cutar da ƙwayoyin. Kada ka haɗa su a ruwa ɗaya. Idan dole ne, ka sa maganin tun da farko ya bushe, sannan ka sa garin dab da shuka.

Shawarata ga ƙungiyoyi ita ce, a shekarar farko kowa ya bar kunya biyar ba gari. A fara shuka su kafin a taɓa garin, domin hannu da roba suna ɗaukar ƙwayoyin. A sa musu supa daidai da sauran, a kafa turke. Lokacin fure a haƙa nan a haƙa can, da kaka kuma a auna kunya biyar da kunya biyar. Akwai gonakin da bambancin zai fito fili, akwai waɗanda ƙasarsu ta riga ta wadata, ba za a ga wani abu ba. Gonarka ce za ta faɗa maka ko ka ci gaba da saya.

Lissafin abin da ya rage wa masarar baɗi

A nan ne ake yawan yin kuskure. Za ka ji an ce, “Na yi waken suya bara, bana masarata ba ta buƙatar taki.” Bari mu yi lissafi mu gani.

Mu ɗauka hekta ɗaya ta ba ka tan biyu, wato buhu 20 masu kilo 100. Ƙwayar waken suya cike take da sinadarin gina jiki, kuma da naitirojin ake gina shi, kusan kilo 6 a kowane buhu. Buhu 20 ke nan sun ɗauki kilo 120. Ganye da kara da ɓawon kwanso kuma mu ce sun riƙe kilo 40. Jimilla shukar ta tara kilo 160 a abin da ke saman ƙasa.

Yanzu mu ce ƙurajen sun yi aiki madaidaici, sun kawo kashi 60 cikin 100 daga iska. Kilo 96 ke nan, wanda ya ɗara abin da ke cikin buhu huɗu na yuriya. Wannan ita ce ribar farko, kuma babba ce: ka noma buhu 20 ba ka sayi wannan yuriyar ba. Sauran kilo 64 kuwa daga ƙasarka aka ɗebo su.

To me ya koma? Kilo 120 sun tafi kasuwa a cikin buhu. Idan duk ganye da kara da ɓawo sun koma gona, ƙasa ta ba da 64 ta karɓi 40, ta yi giɓin 24. Saiwa da ƙurajen da suka rage a ƙasa, waɗanda ba mu sa a lissafin ba, za su cike wani ɓangare na giɓin. Idan kuma aka kwashe karan aka kai masussuka, aka ƙone ɓawon a can kamar yadda ake yi a wurare da dama, giɓin ƙaruwa zai yi, domin wuta tana mai da naitirojin iska. Amma da ƙurajen sun yi aiki sosai, suka kawo kashi 80, kilo 128 ke nan, ya ɗara abin da ya tafi kasuwa, gona ta fita da 'yar riba. Ka ga ke nan waken suya mai jajayen ƙuraje da wanda ba shi da su ba abu ɗaya suke yi wa gona ba. Marar ƙuraje duk abin da ya tara daga ƙasarka ya kwasa.

Duk da haka, masarar da ta biyo bayan waken suya ta kan fi wadda ta biyo bayan masara kyau, kuma akwai dalilai. Ganyen waken suya yana zubewa a gona kafin girbi, kuma shi da saiwa da ƙuraje suna ruɓewa da sauri su saki abin da ke cikinsu, saɓanin karan masara da ke daɗewa, har ya riƙe naitirojin na ƙasa yayin da yake ruɓewa. Sannan juya shuka yana katse wa cututtuka da ƙwarin masara hanya. Ga kuma wuta-wuta: saiwar wasu ire-iren waken suya tana sa irinta ya tsiro, amma ba ta iya kama shi, sai ta mutu, yawanta ya ragu a gonar.

Abin da wannan ke nufi shi ne za ka iya rage yuriyar masara, amma ba za ka daina ba. Ka sa kamfarka ta farko yadda ka saba. Wajen yuriya ta biyu, ka raba gonar: rabi ka sa yadda ka saba, rabi ka rage kamar buhu ɗaya a lissafin hekta. Ka lura da ganyen ƙasa. Idan ya fara rawaya daga tsini yana bin tsakiyar ganye tun kafin masara ta fitar da kai, yunwar naitirojin ce, ragin ya yi yawa. Idan ɓangarorin biyu suka tafi daidai har kaka, ka san abin da waken ya bar maka, kuma baɗi da shi za ka yi lissafi.

Wannan lissafin ya shafi wake da gyaɗa ma. Harawa kuɗi ce, ba wanda zai ce ka bar ta a gona, amma ka sani a cikinta ne kaso mai yawa na abin da ƙurajen suka tara yake. Idan ka sayar da ita ta tafi gari, takin ya tafi. Idan dabbobinka suka ci, ka tara kashinsu da shimfiɗar da ta sha fitsari ka mayar gona, wani kaso ya dawo. Haka kuma masara ko dawar da aka shuka tare da wake a gona ɗaya ba ta samun wani abu mai yawa daga ƙurajen waken a wannan daminar. Amfanin sai sun ruɓe, wato shuka mai zuwa ce za ta ci.

Don haka da kaka, idan da hali a yi sussukar waken suya a cikin gona, a baza ɓawo da kara a bar su. Wajen girbi kuma a yanke daga gindi maimakon tugewa, domin saiwa da ƙurajenta su zauna inda ake buƙatarsu. Idan a masussuka aka yi, a kwaso ɓawon a ba dabbobi ko a zuba a ramin taki, kada a sa masa wuta.

Wanda ya haƙa gonarsa ya ga abin da bai gane ba, ya wanke saiwar, ya naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle ya kai wa malamin gona na yankinsa a ranar, kafin ta bushe launin ya canza. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.